Ɗora Hausa a Kan Fim ɗin Indiya Mai Minti 24: Nazarin Aikin Wani Situdiyo a Kano

Asalin aikin

A farkon watan Janairu, lokacin da hunturu ke kan ganiyarsa, wani ƙaramin situdiyo a Kano ya karɓi aikin mayar da wani gajeren fim na harshen Hindi zuwa Hausa. Tsawon fim ɗin minti 24 ne, masu magana a cikinsa mutum biyar, labarinsa kuma na cikin gida ne: uba marar lafiya, matarsa, da 'yarsu wadda ta saɓa masa. Wanda ya kawo aikin ya sayi izinin nuna fim ɗin, ya kuma zo da fayil biyu, ɗaya na hoton tare da muryoyin asali, ɗaya kuma na kiɗa da sauran ƙararrakin wuri ba tare da magana ba. Wannan fayil na biyu ya rage wa situdiyon wahala ƙwarai, domin da babu shi da sai an sake ƙirƙirar ƙarar ƙofa da taku da motsin kwanuka daga tushe.

Sharaɗin mai aikin guda ɗaya ne, kuma ya maimaita shi: yana so mai kallo ya manta cewa fassara yake kallo. Wannan sharaɗi yana da nauyi a Kano fiye da wurare da dama, saboda tun shekarun 1950 ake nuna fina-finan Indiya a silimun Arewa, kuma akwai masu kallo da yawa da kunnensu ya saba da Hindi har suna iya cewa ga abin da jaruma ta faɗa daga motsin bakinta kawai. Ƙari a kan haka, fim ɗin ba na faɗa ko rawa ba ne. Fiye da rabin maganganunsa an ɗauke su ne da kyamara a kusa da fuska, inda leɓɓa suke cika allo.

Situdiyon yana da mutum uku na dindindin: darakta wanda shi ne mai wurin, edita, da mai fassara da ya iya Hindi ta hanyar daɗewar kallo da kuma karatu. Masu ɗora murya kuwa hayarsu ake yi. Kafin wannan aiki sun fi sabawa da tallace-tallacen rediyo da kuma bidiyon wayar da kai, inda murya ke tafiya a kan hoto ba tare da an damu da bakin kowa ba.

Mako na 1: fassara a takarda, ɗauka a jere

Mai fassara ya zauna da fim ɗin kwana uku, ya fitar da rubutu mai kyau, Hausa tsantsa, wadda ba wanda zai karanta ya ce daga wani harshe aka juyo ta. Ya rubuta kowace magana yadda Bahaushe zai faɗe ta a irin wannan hali, da ladabinta da cikonta. Ya lura da lokacin da kowane jawabi ya fara, amma bai auna tsawonsa ba, bai kuma nuna inda mai magana ya dakata a tsakiya ba.

Edita ya fitar da kwafin aiki mai sauƙin nauyi don kwamfutar ɗakin ɗauka, aka kira masu murya ɗaya bayan ɗaya. Tsarin da aka bi shi ne a saki sin guda daga farko har ƙarshe, mai murya yana kallon allo, yana jin Hindi a hedifon, yana karanta nasa layin idan ya ga bakin jaruminsa ya motsa. A kwana biyu aka gama ɗaukar kowa. Da aka kalli abin a ɗakin ɗauka an ga cewa wasu layuka sun yi tsawo, amma aka bar su bisa zaton cewa edita zai daidaita su daga baya.

Mako na 2: ratar da ke ƙaruwa

Da edita ya ɗora muryoyin a kan asalin fayil ɗin mai aikin, sai wata matsala ta bayyana wadda ba a gani ba a ɗakin ɗauka. Minti na farko ya yi kama da daidai. A wajen minti na 5 murya ta fara riga baki da abin da ido ke iya kamawa, a minti na 12 kuwa kalma guda sukutum tana fita kafin jaruma ta buɗe baki, kuma a sin na ƙarshe ratar ta kusa sakan ɗaya da rabi. Abin da edita ya fara yi shi ne ya ja dukkan muryoyin baya da rabin sakan, sai tsakiyar fim ɗin ta gyaru, farkonsa ya lalace, ƙarshensa kuma ya ci gaba da zama a gaba.

Wannan alama ce da ta kamata duk mai wannan sana'a ya iya karantawa. Idan ratar da ke tsakanin murya da baki iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, to jinkiri ne na na'ura, kamar wanda hedifon marar waya ke jawowa, kuma ja guda ɗaya yana maganinsa. Idan kuwa ratar tana ƙaruwa daidai da yadda lokaci ke tafiya, to hoton da aka ɗauki murya a kansa da hoton da aka ɗora ta a kansa ba gudu ɗaya suke yi ba. Edita ya duba asalin fayil ɗin da wannan umarni:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=r_frame_rate -of default=nw=1:nk=1 fim.mp4
```

Amsar da ta fito ita ce `24000/1001`, wato fim ɗin yana nuna hoto 23.976 a kowane sakan, kowane hoto ɗaya kuma shi ake kira firam. Kwafin aikin kuwa an fitar da shi ne bayan an umarci manhajar tace hoto ta ɗauki fim ɗin a matsayin mai firam 24 cif, don haka yana gudu fiye da asalin da kashi ɗaya cikin dubu. Bambancin ƙarami ne a ido, amma yana taruwa: milisakan 60 a kowane minti, wanda a minti 24 ya zama sakan 1.44, daidai da abin da aka gani a sin na ƙarshe.

Abin da ya ƙara munana lamarin shi ne ɓangaren da ratar ta karkata. Ma'aunin ITU-R BT.1359 na hukumar sadarwa ta duniya ya nuna cewa mai kallo yana fara gane saɓani idan sauti ya riga hoto da kimanin milisakan 45, alhali idan sautin ne ya makara sai ya kai kimanin milisakan 125 kafin a lura. Dalilin a fili yake, domin a rayuwa mun saba ganin abu kafin ƙararsa ta iso mu, ba mu saba jin magana kafin baki ya motsa ba. A wannan fim muryar ce ke gaba, wato ɓangaren da mai kallo ya fi saurin kamawa.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. An rage gudun muryoyin da daidai wancan kashi ɗaya cikin dubu, abin da kunne ba ya iya ji:

```
ffmpeg -i murya.wav -filter:a atempo=0.999001 murya_daidai.wav
```

Ratar mai ƙaruwa ta ɓace gaba ɗaya. Sai dai ɓacewarta ce ta tona asirin matsala ta biyu, wadda a da take ɓoye a ƙarƙashinta. Yanzu kowane layi yana farawa kusa da inda ya kamata, amma da yawa ba sa ƙarewa a inda baki ya tsaya. Jaruma ta rufe baki tana kallon ƙasa, muryar Hausa tana ci gaba da zuba.

Mako na 3: ƙoƙarin matse murya da na'ura

Darakta bai so a sake kiran masu murya ba, saboda kuɗin da aka ware musu ya riga ya fita. Aka yanke shawarar edita ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya matse masu tsawo da kayan da ke gajarta sauti ba tare da sauya kaurin murya ba, ya kuma yanke shirun da ke tsakanin kalmomi don a sami wuri.

A layukan da suka wuce da kaɗan, kamar kashi 4 ko 5 cikin ɗari, dabarar ta yi aiki ba tare da an ji komai ba. Da matsewar ta haura kashi 10 sai murya ta fara rawa, tana fita kamar ta cikin bututu. Amma illar da ta fi wannan girma ta shafi Hausar kanta, domin a Hausa tsawon wasali yana ɗauke da ma'ana ko da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna shi. Akwai layin da uwa ke aiken 'yarta ta sayo gari. Kalmar garin tuwo da kalmar garin da mutane ke zaune a ciki karin sautinsu ɗaya ne, abin da ya raba su kawai shi ne wasalin farko, dogo a ɗaya, gajere a ɗaya. Da aka matse layin, wasalin ya gajarce har wanda aka kira ya saurara ya yi dariya a sin ɗin da aka shirya don ya ba da tausayi. Haka kuma layin "ya tafi", wanda da dogon wasali cikakken labari ne cewa mutum ya riga ya tafi, ya koma da gajeren wasali kamar guntun jimlar da ake jiran cikonta.

Yanke shirun ma ya jawo tasa ɓarnar. Jarumar fim ɗin tana yawan tsayawa a tsakiyar magana, ta haɗiye yawu, ta ja numfashi, sannan ta ci gaba. Da aka cike waɗannan wurare da kalmomi, sai ga makogwaronta yana haɗiya a allo alhali murya tana magana, ga kafaɗunta suna ɗagawa don jan numfashi alhali ba a ji numfashin ba. Masu kallon gwaji uku da aka nuna wa, waɗanda ba ruwansu da aikin sauti, ba su iya bayyana abin da ya dame su dalla-dalla ba, amma dukansu sun nuna sin ɗin neman gafara a matsayin wurin da abin ya fi fita daga ransu.

A wannan sin, 'yar tana durƙushe gaban gadon mahaifinta, ta ce "Papa, mujhe maaf kar do", wato tana roƙonsa ya yafe mata. Gaɓoɓi bakwai ne, bakinta yana aiki na sakan 2.2, a ciki har da shirun rabin sakan bayan kalmar farko. Abin da mai fassara ya rubuta shi ne "Baba, don Allah ka yafe mini, ba zan sake ba", wanda Hausa ce mai kyau, haka ɗiya za ta faɗa, amma gaɓoɓinta goma sha biyar ne kuma mai murya ta faɗe ta a cikin sakan 3 ba tare da tsayawa ba. Babu na'urar da za ta cusa wannan a cikin wancan wuri ta bar shi da kamannin maganar mutum. A ƙarshen makon darakta ya kira mai aikin ya nemi ƙarin mako uku, ya kuma ɗauki nauyin biyan masu murya karo na biyu.

Mako na 4: auna baki kafin a rubuta kalma

A wannan karon an juya tsarin. Edita ya fitar da sabon kwafin aiki a kan firam 23.976, ya buga agogon lokaci a jikin hoton, sannan shi da mai fassara suka zauna suka bi fim ɗin firam bayan firam tare da kashe sautin. Ga kowane layi sun rubuta abu huɗu: lokacin da baki ya buɗe, lokacin da ya rufe na ƙarshe, wuraren da aka dakata da tsawon kowace dakatawa, da kuma ko ana ganin bakin mai magana ko ba a gani. Kashe sautin yana da dalili, domin sau da yawa baki yana buɗewa firam biyu ko uku kafin sauti ya fito, kuma abin da mai kallo zai gani shi ake so a auna.

Daga nan suka kasa layukan gida uku. Akwai waɗanda mai magana ya juya baya ko kyamara tana kan wani, inda mai fassara ke da 'yancin faɗin abin da ya ga dama muddin bai shiga lokacin wani ba. Akwai na nesa da matsakaici, inda ya isa a daidaita farawa da tsayawa da dakatawa. Sai kuma na kusa da fuska, waɗanda su kaɗai aka ɗora wa nauyin bin leɓɓa. A cikin waɗannan ma ba kowane motsi aka bi ba. An yi wa wuraren da leɓɓa suka haɗu alama, domin shi ne motsin da ido ya fi kamawa, kuma a Hindi yana zuwa ne a kan sautukan p da b da m. Hausa tana da abin da za ta biya wannan bukata da shi, wato b da ɓ da m, har da f, wadda yawancin Hausawa ke furtawa da leɓɓa biyu. Bayan haɗuwar leɓɓa sai aka kula da zagayewar baki a kan o da u, da kuma buɗewarsa sosai a kan dogon a. Sauran sautukan da ake yi a cikin baki, kamar t da k da s, an bar su, tunda mai kallo ba ya ganin harshe.

Wani lokaci harsunan biyu sukan haɗu da kansu. Uban yana kwance ya ce wa 'yarsa "paani do", yana neman ruwa. Fassarar farko ta ce "kawo ruwa", wadda ta fara da buɗaɗɗen baki a daidai inda leɓɓan dattijon suke haɗe. Da aka mayar da ita "ba ni ruwa", sai gaɓoɓi biyun farko suka zauna a kan bakinsa kamar don su aka ɗauki hoton, zagayewar leɓɓansa ta ƙarshe kuma ta faɗa a kan "ruwa".

Layin neman gafarar bai zo da sauƙi haka ba, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Kalmar farko ba matsala, "Baba" tana hawa kan "Papa" daidai. Bayan shirun rabin sakan leɓɓan jarumar suna haɗe, daga nan take fara "mujhe", don haka duk abin da za a sa dole ya fara da baƙin leɓe. An gwada "ka yafe min", an gwada "a min afuwa", dukansu suna da ma'anar da ake so da tsawon da ya dace, amma suna farawa da sautin da ba zai iya fita daga rufaffen baki ba, kuma a hoton kusa wannan yana bayyana nan take. Mai fassara ya bar kalmar yafiya gaba ɗaya ya nemi abin da Bahaushiya ke faɗa idan ta zo amsa laifi, sai ya rubuta "Baba, ban kyauta ba". Farkonta ya hau kan haɗuwar leɓɓan farko, "ta" ta zauna a kan buɗewar bakin da ke tsakiyar "maaf", "ba" ta ƙarshe kuma ta zo inda leɓen jarumar ke komawa sama a ƙarshen kalmar. Haɗuwa ɗaya ta rage ba a biya ta ba, wato ta farkon "maaf", wadda ba ta wuce firam biyu ba, aka amince a bar ta. Da yake kyamara tana komawa kan fuskar uban kafin 'yar ta ƙarasa, sai aka sa "ka yafe min" a can, inda ba a ganin bakinta. Roƙon yafiyar bai ɓata ba, an dai matsar da shi zuwa inda hoto ya ba da dama.

Kowane layi da aka rubuta, mai fassara yakan faɗe shi da bakinsa a kan hoton sau da dama kafin ya wuce, da irin saurin da jarumin ya yi. Ƙidayar gaɓoɓi kaɗai ba ta isa ba, saboda gaɓa mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi ta fi gajeriya cin lokaci, kuma layuka biyu masu gaɓa shida za su iya bambanta da kusan rabin sakan. A takardar ƙarshe an sa karan tsaye ɗaya a wurin gajeriyar dakatawa, biyu a wurin doguwa, an ja layi a ƙarƙashin gaɓar da dole ta faɗa a kan haɗuwar leɓɓa, an kuma rubuta numfashi da ajiyar zuciya da shessheƙa a matsayin layuka masu zaman kansu.

Mako na 5: ɗauka ta biyu

An daina sakin sin guda a jere. Edita ya yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, layi ɗaya ko biyu, kowace gunduwa tana maimaita kanta. Mai murya yakan kalla sau biyu da muryar asali don ya kama saurin da yanayin, sannan a rage Hindin a kunnensa a ɗauka. Kafin kowane layi an sa ƙara uku masu tazara iri ɗaya, mai murya kuma yana shiga a inda ta huɗu za ta faɗo. Wannan ya kawar da wata makara da ke cikin ɗaukar farko, domin wanda ke jiran ya ga baki ya motsa kafin ya fara ba zai taɓa shiga a kan lokaci ba, tunda tsakanin gani da furtawa akwai ɗan jinkirin da ya kai firam huɗu ko biyar. An kuma bukaci kowa ya haddace layinsa kafin a ɗauka, don idonsa ya zauna a kan allo maimakon takarda.

Dattijon da ya ɗauki muryar uban tsohon ma'aikacin rediyo ne, kuma sabonsa shi ne ya cika kowace kalma ya kai ta ƙarshe, abin da ya sa layukansa suke wuce bakin marar lafiyar da ke magana da ƙyar. Darakta ya ce masa: "Baba, a bar ƙarshen kalmar ya faɗi da kansa, mutumin nan numfashinsa ba ya kai shi." Bayan gwaji kaɗan dattijon ya nemi a kawo masa kujera mai jingina ya kishingiɗa, ya ce ba zai iya fitar da muryar kwance yana tsaye ba. Da aka yi hakan aka matso da makirufo, sai tsawon layukan ya daidaita ba tare da an sake taɓa rubutun ba. Yarinyar da ta ɗauki muryar 'yar kuwa ta fi shan wahala a kan shirun rabin sakan, tana yawan tsallake shi, har sai da aka ce mata ta haɗiye yawu da gaske a wurin kamar yadda jarumar ta yi. Saboda bushewar hunturu leɓɓan masu murya suna ɗan ƙara idan sun rabu, don haka aka ajiye ruwan ɗumi kusa da kowa, kuma an tsara ɗaukar sassan da ake magana ƙasa-ƙasa a lokutan da ba a kunna janareta ba.

Ɗaukar ta ci kwana biyar maimakon biyun farko. Aikin edita a bayanta ya zama ɗan ja da turawa na firam ɗaya ko biyu, yana dubawa a zanen sautin inda b ko m ta faɗo ya daidaita ta da firam ɗin da leɓɓa suka haɗu. Inda aka rasa yadda za a yi daidai, ya bar murya ta makara da firam ɗaya maimakon ta riga. Babu layin da aka matse fiye da kashi 5 cikin ɗari.

Mako na 6: sakamako

An nuna wa masu kallon gwajin nan uku sabon aikin, a talabijin sannan a waya, tunda a waya yawancin mutane za su gan shi. Babu wanda ya ambaci sin ɗin neman gafara a matsayin matsala. Wurin da biyu daga cikinsu suka nuna shi ne sin ɗin gardama tsakanin uwa da 'ya, inda suke magana da sauri suna katse juna, kyamara kuma tana riƙe da fuskokinsu biyu a lokaci guda. A nan an daidaita farawa da tsayawa, amma leɓɓa ba su hau ba a wurare da yawa, kuma an rage wasu kalaman uwar don su shiga lokaci. Mai aikin ya karɓi fim ɗin a tsakiyar Fabrairu, mako uku bayan wa'adin farko. Situdiyon ya biya masu murya karo na biyu daga aljihunsa, abin da ya cinye kusan duk ribar aikin.

Hukunci

Matsalolin biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta gudun firam kuskure ne na minti biyar, wanda duba fayil kafin a fitar da kwafin aiki zai hana shi, kuma ko da ya faru gyaransa bai lalata komai ba. Illarta ta gaske ita ce ta ɓoye ta biyun har mako guda, ta sa aka zaci cewa duk abin da ke damun fim ɗin na na'ura ne, aka kuma tafi neman maganinsa a wurin edita.

Ta biyun ita ce ta ci kuɗi, kuma tushenta shi ne an rubuta fassarar kafin a auna wurin da za ta zauna. A ganina mai fassarar bai yi laifi ba a rubutunsa na farko, domin abin da aka nema daga gare shi ya bayar. Laifin na tsarin ne da ya raba fassara da hoto, ya ɗauka cewa daidaita baki aiki ne na ƙarshe. Mako na 3 gaba ɗaya asara ne da za a iya hangowa daga layi ɗaya, tunda gaɓa goma sha biyar ba za ta shiga wurin bakwai ba, kuma harshen da tsawon wasalinsa ke rarrabe ma'ana ba ya jure matsewa kamar yadda editan ya zata.

Abin da ya yi aiki shi ne jeranta bukatun bisa yadda ido ke kama su: farawa da tsayawa tukuna, sannan dakatawa da numfashi, sannan haɗuwar leɓɓa a hotunan kusa kawai. Wannan jeri ne ya ba mai fassara damar sanin inda zai yi taurin kai da inda zai saki, ya kuma hana shi lalata Hausa don neman dacewar da ba wanda zai gani. Duk da haka ina ganin an yi rangwame fiye da kima a sin ɗin gardama. Kalaman uwar da aka rage suna cikin abin da ke bayyana dalilin fushinta, kuma da an ba wannan sin kwana guda na rubutu shi kaɗai, kamar yadda aka ba layin neman gafara, da an sami hanyar mayar da wasunsu a 'yan wuraren da ta kau da kai daga kyamara. Situdiyon ya sauya yadda yake yanke farashi bayan wannan aiki: yanzu yana kallon fim ya ƙidaya mintunan da ake magana a hoton kusa kafin ya faɗi kuɗi, kuma yana sa kwanakin aunawa da rubutu a cikin wa'adin da yake bai wa mai aiki.